Takardun Banki Biyu da Ɗakin Baba

Shekara huɗu na yi a gidana na Madarumfa, mahaifina bai taɓa tsallake dokin ƙofar ba. Yakan zo daga ƙauyenmu na wajen Safo a amalanken ƙanena, ya sauka, a shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedin da ke waje, jikoki su kewaye shi. In an kawo tuwo zai ci, domin hatsin daga gonarsa ya fito, kayan miyar kuma daga lambuna na bakin tafki. Amma ciki, a'a. Da bashin banki na gina gidan, bashin kuwa da ruwa a kansa, shi kuma ya ce ba zai kwana ƙarƙashin rufin da riba ke bi ba. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na samu abin mayarwa. Ni ne ɗan farinsa, ko sunana ba ya kira, sai dai ya ce da matata, “Ki ce ma malamin lakwal na iso.”

Na gina masa ɗaki a gidan, da ƙofa mai duban gabas da bayi nasa na kansa. Buhunan gero ne suka kwana a ciki duk shekarun nan.

Malamin lissafi ne ni a kwaleji, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a labarin nan. Wanda bai iya lissafi ba yakan faɗa rami bai sani ba, a tausaya masa. Ni da na iya, da ma'auni na auna zurfin nawa.

Miliyan takwas da ɗoriya na ci, na shekara goma, da takardar mallakar filin a hannun banki. Albashina ta wajensu yake biyowa, kafin in gan shi sun cire nasu. Kowane wata jika ɗari da goma sha bakwai, wato sefa dubu ɗari da goma sha bakwai kamar yadda takarda ke rubutawa. Abin da ya rage shi muke ja har ƙarshen wata, kuma ba ya kaiwa. Daga ranar ashirin ga wata nakan canza hanya in zan wuce shagon mai shinkafa.

Ina da dabara, na kuma faɗa wa Baba ita. Wani ɗan kasuwa na Ɗan Issa yana son lambuna, ya ce bayan kakar baɗi zai saya. Ina kuma da sa guda da nake turkawa. Kuɗin lambu da na sa, da ɗan abin da matata ta tara a adashi, za su biya ragowar bashin gaba ɗaya cikin shekara guda. Ranar da na faɗa masa haka Baba ya ce, “To, Allah shi kai mu.” Daga bakinsa wannan babbar magana ce.

Ana nan sai wani sabon banki daga Maraɗi ya turo yaronsa makarantarmu. Saurayi ne mai fara'a da takalmi mai sheƙi, ya zauna a ɗakin malamai yana bayani. Za su sayi bashin mutum daga tsohon bankinsa, su rage masa ruwa. Nawa kashi goma sha biyu cikin ɗari ne a shekara, su tara suke karɓa. Ya danna wayarsa ya juyo mini da ita.

“Malam, duba nan. Jika saba'in da shidda kawai za ka riƙa biya. Jika arba'in da ɗaya ta dawo aljihunka kowane wata.”

“Kyauta za ku yi mini wannan alheri?”

Ya yi dariya. “Akwai ɗan kuɗin dosiye da na notar. Wata takwas ka maido su, sauran duk riba ce.”

Na ce ya rubuto mini tayin a takarda, da kowace dala da zan biya. Na kuma hau mota zuwa Maraɗi, na yi layi a tsohon bankina har ƙafata ta yi tsami, na karɓo takardar da ke nuna inda bashina ya tsaya. Matar da ta buga mini ita ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake wa miji mai shirin ƙarin aure, ta ce kada in manta akwai tara ga wanda ya biya kafin wa'adi.

Wata Laraba bayan azahar, da yara suka watse, na shiga aji na rufe ƙofa. Na ɗora takardun biyu a kan tebur, na ɗauki alli, na raba allo gida biyu.

Tsohuwar takarda ta ce saura miliyan shida cif, wata saba'in da biyu, jika ɗari da goma sha bakwai da 'yan kai kowane wata. Sabuwar ta ce miliyan shida, ruwa kashi tara, jika saba'in da shida. Sai da na kai layi na huɗu na ga inda sauƙin ya fito: wata ɗari da ashirin. Saurayin bai yi ƙarya ba, bai dai ga dalilin ɗaga murya a wannan layin ba. Shekara shidan da ta rage mini ya miƙe ta ta koma goma.

Na fara da kuɗin sauya sheƙa. Tarar tsohon banki kashi biyu cikin ɗari na abin da ya rage, jika ɗari da ashirin. Kuɗin buɗe dosiye, wato fayil ɗin bashi, a sabon banki, jika sittin. Notar, wato lauyan da ke buga hatimi a takardu, da cire sunan tsohon banki daga takardar fili a sa na sabo, jika ɗari da arba'in. Duka jika ɗari uku da ashirin, kuma a hannu ake son su, ranar sa hannu. Kuɗin san da nake turkawa ke nan, har da igiyarsa.

Ɗari uku da ashirin a raba da arba'in da ɗaya, ya ba da wata takwas, kamar yadda yaron ya ce. Amma ba a gwada bashin shekara shida da na shekara goma a ce an gwada abu ɗaya. Na ninka kowanne da watanninsa. In na zauna inda nake, zan biya miliyan takwas da jika ɗari huɗu da arba'in da biyar in huta. In na bi tayinsa, miliyan tara da jika ɗari da ashirin, ga kuma kuɗin sauyin. Kusan miliyan guda zan ƙara musu, don dai su bar ni in numfasa yanzu.

Na kira shi a waya daga cikin ajin, na ce ya ba ni kuɗin wata in wa'adin ya tsaya a saba'in da biyu. Muryarsa ta ɗan sauka. Jika ɗari da takwas, in ji shi. Wato sauƙin gaskiya jika tara ne da ɗan kai a wata, ba arba'in da ɗaya ba. Na sake rabawa. Ɗari uku da ashirin a kan tara da ɗan kai, wata talatin da biyar. Sai na yi kusan shekara uku kafin aljihuna ya ga kuɗin san nan sun dawo.

Don in yi wa sabon bankin adalci na ƙara wani layi. Da yake ruwansu ya fi ƙanƙanta, uwar kuɗin ta fi saurin raguwa a wajensu, kuma wannan ma riba ce ga wanda zai biya gaba ɗaya wata rana. Na bi jadawalin biyu wata-wata, ina haɗa abin da ya rage a aljihu da bambancin abin da ake bi na. A wata na ashirin da uku da saura kaɗan. A na ashirin da huɗu suka yi kunnen doki. Na zagaye lambar da alli.

Nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Ni da na yi alkawarin fita bashin a wata na goma sha biyu, me zan yi da tayin da ba ya biyan kansa sai a na ashirin da huɗu? Na lissafa shi ma. In na sauya banki kuma na biya duka bayan shekara guda, abin da zan tsira da shi bai wuce jika ɗari da saba'in da uku ba, na kuwa kashe ɗari uku da ashirin. Asarar kusan jika ɗari da hamsin, in kuma biya tara sau biyu, domin sabon bankin ma yana da tasa. Tayin na wanda ya shirya zama cikin bashi ne. Ni ina shirin fita.

Na goge allon da farin ciki, wallahi. Na ji kamar na kama ɓarawo da hannu ɗaya. A gida na yi wa matata bayani ina ta kaɗa takardu, ita tana tsince zogale. Ta bar ni na gama, ta ce, “To Malam, tunda ka ci banki da lissahi, shinkafa ta ƙare.”

Sati biyu bayan haka aka kawo Baba kwance a amalanke, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura, numfashi yana yi masa wuya. Aka kwantar da shi a likitar Madarumfa, daga nan aka tura mu Maraɗi. Zuciya ce, da hawan jini da ya daɗe yana ɓoyewa. Likitan ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, ciwon da ake lallaɓawa ne. Magani kullum, awo kowane sati biyu, kuma kada ya yi nisa da likita. Na kai takardar maganin farmasi, na haɗa da kuɗin awo da na mota. Jika talatin a wata, in ba a samu wata matsala ba.

Ƙannena manoma ne. Suna iya kawo gero da wake, sun kuma kawo, amma farmasi ba ta karɓar tiya. Ido ya dawo kan mai albashi.

Na hau kabu-kabu zuwa Ɗan Issa wajen mai son lambu, in ji ko zai matso da cinikin. Na same shi a rumfarsa kusa da 'yan canji, ya ba ni shayi, ya yi mini jaje sosai. Sannan ya ce kasuwa ta juya masa baya, kuɗinsa duk sun maƙale a naira. In dai yanzu ne, miliyan uku zai iya, ita ma kashi biyu. Bayan kaka kuma, Allah ne masani. Miliyan uku rabin bashin ke nan. In sayar da lambun da ke ciyar da gidana, in kuma wayi gari har yanzu banki na bi na. Na shanye shayin na yi masa godiya. A hanyar dawowa na ji haushin kowa, har mai babur da bai yi mini komai ba.

Washegari da hantsi muka zauna da matata a tsakar gida, takardun nan biyu a kan tabarma, ta danne su da faifai don iska.

“A sai da san a sayi magani,” in ji ta.

“Wata goma zai kai mu. Daga nan fa?”

“To wanga na jika tara?”

“Shi ma sai an sai da san. Kuma tara ba ta sayen maganin talatin.”

Ta sa yatsa a kan lambar saba'in da shida. Ba ta iya karatun faransanci sosai ba, amma lamba ba ta ɓace mata. “Wanga da ka ce na ɓarayi ne, shi kaɗai ka isa.”

“Miliyan guda za su ci a kaina.”

“Na ji. Yaushe za su ci?”

“Daga shekara ta bakwai. Lokacin da ya kamata in huta, sai in ƙara shekara huɗu ina biya.”

“Baba kuma yaushe zai sha magani?”

Na tashi na bar mata tabarmar. Na yi ta zagaye gidan kamar akuyar da aka ɗaure, ina neman wanda zan yi wa tsawa. Na duba ko za a ba ni ƙaramin bashi a tsohon banki, suka ce abin da ake cirewa a albashina ya riga ya kai iyaka. Na nemi darasin yamma a wata makarantar kuɗi, suka ce sai sabuwar shekara. Na koma aji na sake cika allo, ko akwai wani wa'adi tsakanin shida da goma da zai fitar da jika talatin. Shekara takwas ta ba da sauƙin da ya tsaya daidai bakin kuɗin maganin, ba ko dala a sama, ciwo kuwa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Tayin kuma wata guda aka ba shi, saura kwanaki.

Na sayar da san a kasuwa. Dillalin ya ga idona ya san ina sauri, ya yi mini cinikin mai sauri.

Ranar sa hannu saurayin nan ya tarbe ni da murna, ya kawo mini ruwan sanyi. Ya fara maimaita mini zancen wata takwas. Na ce masa, “Ɗana, bar shi. Ni na san abin da nike saye.” Na karanta kowane shafi duk da haka, har ya fara duban agogo. Na tabbatar ana iya biya kafin wa'adi in hali ya samu, da tararsu ta kashi biyu. Sannan na sa hannu a wuri bakwai ko takwas, a ƙarƙashin wata ɗari da ashirin. Daga nan notar, daga nan tsohon banki, inda matar mai tabarau ta karɓi tararta. Ban taɓa jin ƙunci irin na wannan rana ba. Da a ce yaudarata aka yi, da na samu wanda zan zaga.

Ƙarshen watan, albashi ya shigo da jika arba'in da ɗaya a sama. Na sayi magani, na biya mai shinkafa, na wuce ta gaban shagonsa da rana tsaka. Kunya ta kama ni da na ji daɗin hakan, amma na ji.

Aka sallamo Baba daga Maraɗi. Mun fitar da buhunan gero daga ɗakinsa, matata ta wanke ɗakin, ta sa sabuwar katifa. Mun yi zaton ciwo zai sassauta abin da lafiya ta kasa. Da motar ta tsaya a ƙofar gida, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a waje. Aka shimfiɗa, aka jingina masa filo. Ya rame ƙwarai, hularsa ta yi masa yawa. Ya sallami kowa da ido, ya bar ni ni kaɗai, abin da ba ya yi.

“Ba ni ganin san nan,” ya ce.

“Na sai da shi, Baba.”

“Mai lambu hwa?”

“Ya janye.”

Ya gyaɗa kai. “Kuɗin maganin nan, daga ina?”

“Albashina ne.”

“Albashin da ba ya kai ku ƙarshen wata.”

Na zauna a gefen tabarmar na faɗa masa duka. Na ce na sauya banki, ruwan ya ragu daga goma sha biyu zuwa tara, abin da ake cirewa ya ragu, shi ya sa albashin ya isa. Na ji kaina ina jera masa lambobi kamar ina gaban aji, ina jinkirta layin nan na huɗu yadda saurayin ya jinkirta mini shi. Baba ya bar ni na gaji.

“Saura nawa ka hita?”

“Wata ɗari da ashirin.”

“Ka hwaɗa mini da damina.”

“Damina goma.”

“Da can hwa?”

“Shidda.”

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Na yi zaton zai ce a mayar da maganin, na shirya yin faɗa da shi karon farko a rayuwata. Bai ce ba. Ya ce albashi gumina ne, zai sha abin da gumina ya saya, kuma Allah ya yi mini albarka. Ban taɓa jin ya faɗa mini haka baki da baki ba. Sai ya ce shida ɗin ma, da ƙarfin hali ne zai sa rai da ganin ƙarshensu.

“Baba, ɗakin na nan. An wanke. Likita ya ce kada ka yi nisa.”

“Ba ni yin nisa.” Ya ɗaga haɓa ya nuna gidan da ke fuskantar nawa, na wani tsoho mai saƙar taru da suke gaisawa tun zuwansa na farko. “Na yi magana da shi tun kahin a kai ni Maraɗi. Ya ce zaurensa babu kowa.”

Na ce mutane za su ce me, ubana a zauren maƙwabci ga gidan ɗansa. Na ɗaga murya har matata ta leƙo. Ya ce mutane sun daɗe suna cewa, bai kashe kowa ba. Ya ce in aka matsa masa zai koma ƙauye, kuma na san zai koma.

Da la'asar ni da ƙanena muka ɗauki sabuwar katifar daga ɗakin, muka fito da ita ta ƙofar gidana, muka tsallaka hanya da ita. Taku kaɗan ne. Matata ta biyo mu da buta da ledar magani. Na gyara masa shimfiɗa a zauren, na nuna wa mai gidan wanne ake sha da safe, wanne da yamma. Baba ya kwanta ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya ce a bar ta a buɗe, daga nan yana iya ganin yaran in sun fito za su lakwal.

A zauren nan ya yi damina biyu. Daga can muka ɗauke shi zuwa makwancinsa.